Kwanturola ta yi kyau a Simulink, a Arduino moto yana ta hawa da sauka: laifin ZOH ne ko na Tustin?

"Assalamu alaikum Injiniya. Furojet ɗina na sarrafa gudun moton DC ne. Na auna na samu G(s) = 2/(0.5s + 1), daga PWM zuwa rpm, na yi PI mai Kp = 5 da Ki = 10, a Simulink lafiya lau ko ɗan wucewa baya yi. Da na ɗora a Arduino Uno da `delay(100)` sai moton ya dinga hawa da sauka, kamar sau biyar cikin sakan biyu. Na gwada `zoh` na gwada `tustin` duk ɗaya. Da na koma `delay(1)` kuma sai ya kama karkarwa. Enkodata mai bugu 600 ce. Don Allah wanne ne daidai, kuma yaya ake zaɓar T?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka kyauta da ka turo lambobinka, don da su za mu yi aikin ba da na littafi ba. Tun farko ka kwantar da hankalinka, lissafin PI ɗinka babu matsala a cikinsa, kuma ba zaɓi tsakanin `zoh` da `tustin` ne ya kayar da kai ba, shi ya sa ka canza ka ga duk ɗaya. Abin da ya kayar da kai T ne, wato tazarar da ke tsakanin awo da awo, milisakan 100 ta yi wa wannan zagayen naka yawa, milisakan 1 kuma ta yi wa enkodarka kaɗan.

Abin da riƙewa take yi wa zagaye

A Simulink kwanturolarka idonta a buɗe yake kullum, gudu na canzawa ita ma tana canzawa a take. A Arduino ba haka abin yake ba, tana duba gudun sau ɗaya, ta yi lissafi, ta rubuta lamba da `analogWrite`, toh wannan lambar tana nan a kafe babu motsi har sai zagaye na gaba ya zo. Wannan kafewar ita ce ZOH, kuma ka lura ba kai ka zaɓe ta ba, haka na'urar take aiki, ko ka rubuta `tustin` sau ɗari a MATLAB moton zai ci gaba da karɓar wuta hawa-hawa irin na matakala. Kamar direba ne da yake buɗe ido sau ɗaya ya murza sitiyari sannan ya rufe ido ya riƙe shi a haka, in yana saurin buɗewa zai kai gida lafiya, in ya daɗe bai buɗe ba sai ya tarar ya wuce hannunsa ya murza da ƙarfi ɗaya gefen ya sake wucewa.

Mu duba da lambobinka. Kp/Ki ya ba da 0.5, daidai da 0.5 ɗin moton, wato sifirin PI ya share fol ɗin moto, na san da gangan ka yi kuma dabara ce mai kyau. Abin da ya rage a zagayen shi ne L(s) = 20/s. Ma'anarsa a sauƙaƙe: kuskuren gudu yana raguwa da saurin da ya kai ninki 20 na kansa a kowane sakan. Firikwensin da girman L yake zama 1, wanda muke ce wa ωc, radiyan 20 ne a sakan, ragowar fes kuma digiri 90 cif, shi ya sa ka ga baya wucewa.

Yanzu ka riƙe umarnin na tsawon T. Kwanturola ta ga kuskure, ta ba da umarnin rage shi da saurin ninki 20, ta rufe ido, kafin ta sake buɗewa an cire 20T na kuskuren. Don haka kusan abin da ke faruwa shi ne

```
e[k+1] = (1 - 20*T) * e[k]
```

kuma wannan 1 − 20T ɗin shi ne fol ɗin rufaffen zagayenka a duniyar z. Ɗauki kuskuren rpm 10. In T milisakan 10 ce, fol ɗin 0.8 ne, kuskure zai tafi 10, 8, 6.4, 5.1, yana sauka a hankali tamkar na Simulink. In T ta kai milisakan 50 fol ya zo sifiri, bugu ɗaya an gama. A milisakan 75 ya koma −0.5, sai ka ga 10, −5, 2.5, wato yana wuce wurin ya dawo amma dai yana mutuwa. A milisakan 100 ya tsaya wajen −0.99, yana bakin da'ira mai faɗin 1 daga tsakiya wadda in fol ya fita daga cikinta zagaye ba ya natsuwa, 10 ta koma kusan −10 ta dawo kusan 10, mutuwar da ƙyar. Milisakan 110 kuwa ya fita waje, −1.2, kuskure ya tafi 10, −12, 14 yana ta girma har sai PWM ta bugi 0 da 255, wanda shi ne kaɗai dalilin da ya sa moton bai gudu ya tafi ba, ya tsaya yana hawa da sauka tsakanin iyaka biyu. Kwanturola ɗaya, moto ɗaya, babu abin da aka taɓa sai T.

Akwai hanyar da aka fi koyarwa ta kallon abin nan, kuma ya kamata ka riƙe ta don tana aiki a kowane irin zagaye ba naka kaɗai ba. In ka zana layi mai santsi ta tsakiyar matakalar nan za ka ga ya yi daidai da asalin siginar sai dai ya makara da rabin T. Makara kuma tana cin fes, abin da take ci a ωc shi ne ωc × T/2 a radiyan. A milisakan 10 radiyan 0.1 ne, digiri 6 bai cika ba, ka sauko daga 90 zuwa 84 ba wanda zai lura. A milisakan 50 kusan digiri 29, saura wajen 60. Amma ka yi hattara da wannan ƙiyasin idan T ta girma, don a milisakan 100 zai ce maka an ci 57 saura 33, alhali ainihin abin da ya saura wajen digiri 4 ne. Dalili shi ne a can ba fes kaɗai ke canzawa ba, girman L ma yana ɗagawa, ωc ta matsa daga 20 ta doshi 30, sai makarar ta ƙara cin fes. In ωc × T bai wuce 0.5 ba ƙiyasin abin dogaro ne, in ya wuce sai ka lissafa fol ɗin kai tsaye.

Wani abin da nake yawan ji daga ɗalibai shi ne ai na cika sharaɗin Nyquist. Radiyan 20 a sakan hats 3.2 ne, ninki biyu 6.4, kai kuma kana awo sau 10 a sakan, ka cika har da ƙari. Sharaɗin Nyquist magana yake a kan ko za a iya sake gina sigina daga awon da aka ɗauka, kuma bai damu da tsawon lokacin da za a jira kafin a gina ta ba. Zagayen sarrafawa bai da wannan lokacin jiran, dole ya yanke hukunci yanzu da abin da ke hannunsa. Shi ya sa masu aikin suke ɗaukar ninki 20 zuwa 30 na faɗin firikwensin zagayen, ko su ce ωc × T ya tsaya tsakanin 0.15 da 0.5, wanda a wurinka yake nufin T daga milisakan 7 da rabi zuwa 25.

Sau biyar cikin sakan biyu

Wannan bayanin da ka saka ya fi komai amfani a tambayarka. Sau biyar cikin sakan biyu na nufin kowane hawa da sauka yana cin sakan 0.4, wato T huɗu. Amma lissafin da muka yi a sama, fol a −0.99, hawa da saukarsa T biyu ne, sama a awo ɗaya ƙasa a na gaba. Toh ina sauran ya fito? Daga enkoda. Idan kana ƙirga bugu tsakanin awo da awo ka raba da T, abin da ka samu ba gudun yanzu ba ne, matsakaicin gudun milisakan 100 da suka wuce ne, wato labarin abin da ya faru rabin T a baya. Ka ga makarar ta zama biyu, rabin T daga riƙewa, rabin T daga awo, T guda cur. In ka saka wannan a lissafi fol ɗin ba ya zama a kan layin kwance kuma, suna zama biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, nisansu daga tsakiya wajen 0.98, kusurwarsu kusan digiri 90, kuma digiri 90 a kowane awo shi ne zagaye ɗaya cikin awo huɗu. Abin da ka gani ke nan da idonka.

Ni a wurin aiki wannan ƙirgen nake fara yi kafin in taɓa lamba ko ɗaya, in fitar da gudun a `Serial Plotter` in ƙirga awo nawa ne daga tudu zuwa tudu. A zagaye irin naka mai kama da 1/s, in biyu ne riƙewa ce kaɗai, in huɗu ne akwai matsakaicin awo a ciki, in shida ne to akwai makarar T guda a lissafin kansa, irin wadda ke faruwa idan mutum ya karanta awo a farkon zagaye amma bai rubuta PWM ba sai farkon zagaye na gaba. Wannan ta ukun ta fi muni, lissafinta yana zama z² − z + 20T = 0, kuma iyakarta ba 20T = 2 ba ce, 20T = 1 ce, wato tun a milisakan 50 ka rasa natsuwa, T ɗin da ɗazu muka ce bugu ɗaya take gamawa. Don haka tsarin layukan cikin `loop()` ba ƙaramin abu ba ne: karanta, lissafa, rubuta, sannan duk wani abin daban ya biyo baya. In kuma ka ƙirga ka samu awo talatin ko hamsin daga tudu zuwa tudu, ka ƙyale T, matsalar tana wani wurin, wataƙila Ki ya yi yawa ko giya tana da wasa.

Ina `zoh` ke shiga, ina `tustin` ke shiga

Su biyun ba abokan takara ba ne, kowanne da wurinsa. `zoh` tana amsa tambaya ɗaya ce: idan abin da ke shiga wannan akwatin matakala ce, me zai fito a daidai lokutan awo? Kuma amsarta ba ƙiyasi ba ce, daidai take ɗari bisa ɗari muddin abin da ke shiga matakalar ce da gaske. Wane akwati ne matakala ke shiga? Moto. Don haka `zoh` ta moto ce. Ga naka tana ba da G(z) = 2(1 − a)/(z − a), inda a = e^(−T/0.5), a milisakan 100 a yana zama 0.8187. Makarar rabin T ɗin nan tana ciki ba sai ka ƙara ta da hannu ba.

Kwanturola fa? Abin da ke shiga cikinta kuskuren gudu ne, shi kuwa ba matakala ba ne, yana tafiya ne da santsi tsakanin awo da awo. In ka yi mata `zoh` ka gaya wa lissafi abin da ba haka yake ba, sakamakon kuma shi ne ka ƙara wata makarar a cikin kwanturolar kanta. Mutane da yawa suna faɗawa nan ba da saninsu ba saboda `c2d` a MATLAB in ba ka faɗi hanya ba `zoh` take ɗauka. Hanyar Tustin, wadda aka sa wa sunan injiniyan Birtaniya Arnold Tustin saboda aikinsa na 1947, tana ɗaukar cewa siginar ta tafi a miƙe daga awon baya zuwa na yanzu, sai ta tara matsakaicinsu. A takarda sai ka cire s ka sa (2/T)(z − 1)/(z + 1). Ga PI ɗinka a milisakan 10, ga abin da kowacce ke bayarwa:

```
tustin: u[k] = u[k-1] + 5.05*e[k] - 4.95*e[k-1]
zoh:    u[k] = u[k-1] + 5.00*e[k] - 4.90*e[k-1]
```

Dube su da kyau, bambancin 0.05 ne a kan 5. A ωc ɗinka ɓangaren Kp ne ke jan ragamar, shi kuma babu hanyar da ke taɓa shi, ɓangaren tarawa ne kaɗai ya bambanta. Shi ya sa a PI ba ka ga wani canji ba. Ranar da ka sa D, ko kwanturolar da aikinta shi ne ƙaro fes a kusa da ωc, ranar za ka ga `zoh` ta cinye maka wani ɓangare na fes ɗin da ka sha wahalar nema, Tustin kuma ta bar maka kusan dukansa.

Akwai jimla ɗaya da ke ruɗa mutane, ana cewa Tustin tana kiyaye natsuwa, duk fol ɗin da ke hagu a duniyar s yana faɗawa cikin da'ira a duniyar z komai girman T. Gaskiya ne, `zoh` ma haka take don tana kai fol zuwa e^(sT). Amma natsuwar akwatin da ka juya ake nufi, shi kaɗai. Ba wanda ya yi maka alƙawarin cewa in ka haɗa wannan akwatin da moto da riƙewa da enkoda ka rufe zagaye zai natsu, kuma naka misali ne a fili. Amfanin wannan siffar yana fitowa ne in ka gwada ta da hanyar Euler ta gaba, wadda yawancin mutane ke rubutawa da hannu ba tare da sun san sunanta ba. Ce kana da filta mai fol a s = −100, T kuma milisakan 25. Euler ta gaba za ta kai shi 1 − 2.5 = −1.5, filtar kanta ta haukace tun kafin a haɗa ta da komai. `zoh` za ta kai shi 0.08. Tustin za ta kai shi −0.11, yana ciki amma ka lura da alamar ragi, duk lokacin da fol ya fi 2/T sauri Tustin tana jefa shi hagu, abin da zai fito sai ya ɗan riƙa rawa sama da ƙasa a kowane awo. Ƙarshen wannan shi ne D tsura babu filta, Tustin tana ajiye fol ɗinta a −1 daidai, rawar da ba ta mutuwa. Kar ka taɓa juya D tsura da Tustin, sa mata filta tukuna.

Raunin Tustin na biyu shi ne tana matse firikwensi. Abin da ka ajiye a ω yana komawa (2/T) × arctan(ωT/2). A naka, 20 tana komawa 19.93 a milisakan 10, ba abin damuwa. Inda yake ciwo shi ne filta mai tsini, misali wadda aka yi don ta kashe hats 50 na wutar gidanmu a cikin awo, in ana awo sau 500 a sakan sai ramin filtar ya koma 48.4, ita kuma 50 ɗin ta wuce ta gefe. Maganin shi ne ka gaya wa `c2d` firikwensin da kake so ya tsaya daram, ta `PrewarpFrequency` a cikin `c2dOptions`. Kai yanzu ba ka buƙatarsa.

Ga gwajin da ya kamata ka yi tun kafin ka taɓa Arduino, don wannan ne zai nuna maka abin da Simulink ɗinka ya ɓoye:

```
G  = tf(2,[0.5 1]);
C  = tf([5 10],[1 0]);
T  = 0.1;
z  = tf('z',T);
Gd = c2d(G,T,'zoh');
Cd = c2d(C,T,'tustin');
H  = (z+1)/(2*z);
pole(feedback(Cd*Gd,H))
margin(Cd*Gd*H)
```

Wannan `H` ɗin ƙiyasin matsakaicin awon enkoda ne, sa shi 1 ka ga bambanci. Canza T daga 0.1 zuwa 0.05, 0.02, 0.01 kana kallon yadda fol ɗin ke shigowa ciki. Za ka ga wani fol da kullum yake zaune kusa da lambar `a` ɗin nan ta G(z), kar ya tsorata ka, wancan ne da sifirin PI ya share.

Me ya sa milisakan 1 ta kawo karkarwa

Ta fuskar lissafin natsuwa milisakan 1 ba ta da laifi ko kaɗan, fol 0.98, fes kusan duka yana nan. Matsalar awo ce. Enkoda mai bugu 600 a gudun rpm 300 tana ba da bugu 3000 a sakan, cikin milisakan 1 bugu 3 ke nan kacal, wani lokacin ka ƙirga 2 wani lokacin 4 ko da gudun bai wani motsa sosai ba. Bugu ɗaya a wannan tazarar daidai yake da rpm 100. Ninka da Kp = 5 ka samu 500, PWM ɗinka kuwa a 255 ta ƙare, toh duk bugu ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu kwanturola sai ta buga wuta ƙarshe ko ta kashe gaba ɗaya, karkarwar da kake ji a hannunka ke nan. Ƙari a kan haka PWM ta Uno a yawancin fil-fil ɗinta wajen hats 490 take, zagaye ɗaya kusan milisakan 2, kana canza umarni tun na baya bai gama fita ba.

Ka ga an sa ka a tsakiya, T babba tana ba ka awo mai tsafta, bugu ɗaya rpm 1 a milisakan 100, amma ta ci fes, T ƙarama ta bar maka fes ta ɓata awo. A milisakan 10 bugu ɗaya rpm 10 ne, wato tsallen 50 a PWM, har yanzu da yawa. A milisakan 20 rpm 5 ne, tsallen 25, makarar T guda kuma tana cin radiyan 0.4, digiri 23, saura maka wajen 67, wanda ya wadatar sosai. Ni da zan zaɓa maka milisakan 20 zan ɗauka, sannan in enkodar mai layi biyu ce A da B ka ƙirga hawa da saukar kowane layi ta fil na 2 da na 3, bugu 600 ya koma 2400, tsallen ya sauko wajen 6. Wannan ya fi ka sa filta a kan awon, don filta ita ma makara ce, abin da muke gudu tun ɗazu, in ka sa ta dole ka saka ta cikin `H` ka sake duba fes.

```
if (micros() - t0 >= 20000UL) {
  t0 += 20000UL;
  e = ref - karantaRpm();
  u += 5.1*e - 4.9*e1;
  u = constrain(u, 0, 255);
  analogWrite(9, (int)u);
  e1 = e;
}
```

5.1 da 4.9 sun fito ne daga Kp + Ki × T/2 da Kp − Ki × T/2, in ka canza T dole ka sake su. Na cire `delay` saboda ita ba T take ba ka ba, tana ba ka T da ƙarin duk lokacin da sauran layukan suka ci. `constrain` ɗin kuma da yake a kan `u` ɗin da ake ajiyewa yake, yana hana tarawa ta ci gaba da kumbura lokacin da PWM ta riga ta kai ƙarshe, kuma a wurinka wannan zai faru sau da yawa tunda kuskuren rpm 51 kaɗai ya isa ya cika 255.

Abu ɗaya da na sha gani yana rusa T a ɓoye shi ne `Serial.print`. A `Serial.begin(9600)` harafi ɗaya yana cin kusan milisakan 1, layi mai haruffa 20 ya kusan milisakan 21. Uno tana da ɗan wurin ajiya mai ɗaukar 64, da farko komai zai tafi daidai, da ya cika sai `print` ta tsaya jira, zagayen da ka yi niyyar milisakan 10 ya koma 21 kai ba ka sani ba. Wani ɗalibi ya taɓa kawo min irin wannan, lambobinsa na milisakan 10 ne, zagayen yana tafiya a ninki biyu, rpm ɗin da yake lissafawa ya ninka, Ki ɗinsa na zahiri ya koma rabi. Mun gane ne da muka sa wani fil ya riƙa juyawa a kowane zagaye muka ɗora osiloskof a kai, faɗin da muka gani a allo bai yi kama da abin da ke rubuce ba. Koma 115200, layin nan ba zai kai milisakan 2 ba. In ba ka da osiloskof ka ajiye bambancin `micros()` tsakanin zagaye biyu ka fitar da shi lokaci-lokaci.

In kuma akwai dalilin da ya tilasta maka zama a milisakan 100, akwai mafita amma da kuɗinta. Sauke Kp zuwa 1, Ki zuwa 2, ωc ta koma 4, ωc × T ya zama 0.4, zagaye zai natsu, sai dai abin da yake gamawa cikin kwata na sakan yanzu zai haura sakan ɗaya. Saurin da kake nema daga moto da saurin da kake duba shi tare suke tafiya, ba za ka ɗaga ɗaya ka bar ɗaya ba.

Duk lissafin nan a kan G(s) ɗin da ka ba ni ya tsaya, mai fol ɗaya. Moton gaske yana da wani fol mai sauri daga waya da aka naɗe a ciki, yana da gogayya da ke hana shi tashi a ƙaramar PWM, kuma in batir ya sauka ko ka ɗora masa kaya wannan 2 da 0.5 ɗin suna motsawa, sharewar da PI ke yi ba za ta zama cif ba. Saboda haka iyakar milisakan 100 da muka samu ka ɗauke ta a matsayin mafi kyawun hali, a kan tebur tana iya zuwa tun kafin nan. Hanyar tabbatarwa ita ce bayan ka koma milisakan 20 ka ba shi ƙaramin tsalle, daga rpm 250 zuwa 270 don PWM kar ta bugi ƙarshe, ka ɗora abin da ya fito a kan `step` na lissafin da ke sama. In sun hau kan juna G(s) ɗinka ta isa. In na gaske ya fi wucewa, ka sa makarar awo ɗaya, wato ka ninka `H` da `1/z`, ka ga ko sun dace, in sun dace to makarar tana cikin kod ɗinka ne ka koma ka nemo ta, in ba su dace ba sai ka sake auna moton da kayan a jikinsa.